Takin Yuni Tun Fabrairu Ake Haɗa Shi: Lissafin Sarrafa Kaya da Kuɗin Ajiya Wata-Wata

Duk wanda ya taɓa shiga masana'antar haɗa takin zamani a watan Janairu, ya kuma koma a watan Yuni, zai ɗauka wurare biyu ya je. A Janairu injin a kashe yake mafi yawan kwanaki, leburori na shan hantsi a bakin sito, ƙurar hunturu ta rufe ma'auni. A Yuni kuwa tireloli sun yi layi har bakin titi, diloli na ta waya, manaja ya rasa inda zai sa kansa. Injin ɗaya ne, ƙarfinsa bai ƙaru ba, bai ragu ba. Buƙata ce ta tattaru a watanni biyu ko uku, domin manomin masara yana son takinsa a makonnin farko bayan shuka, kuma takin da ya iso bayan lokacinsa ya wuce amfaninsa kaɗan ne.

Tambayar da ke gaban mai irin wannan masana'anta ba ta nawa zai sarrafa a shekara ba ce. Wannan ya sani, ko ya kusa sani. Abin da ke cin kuɗi shi ne nawa zai sarrafa a kowane wata. Idan ya fara da wuri, kaya za su zauna a sito suna cin haya da gadi da kuɗin ruwa. Idan ya jira, injin ba zai iya fitar da abin da ake nema ba, sai an shiga aikin dare mai tsada, wani lokaci ma hakan ba zai isa ba. Tsakanin waɗannan biyun akwai tsari ɗaya da ya fi kowane arha, kuma ana iya samo shi da biro da takarda idan lamarin bai yi girma ba.

Na zaɓi taki ne don yanayinsa ya fito da matsalar fili. Tun bayan yarjejeniyar da Nijeriya ta ƙulla da Maroko a watan Disamba na 2016, wadda ta haifar da shirin takin shugaban ƙasa, masana'antun haɗa kamfa samfurin 20:10:10 sun farfaɗo a jihohi da dama. Aikinsu gauraya ne: yuriya daga masana'antun kudancin ƙasar, sinadarin fosfet daga Maroko, fotash daga waje, da farar ƙasa ta gida, a auna, a cakuɗa, a ɗura a buhu mai kilo 50. Buhu 20 ne tan ɗaya, tirela mai tan 30 kuma buhu 600 take ɗauka. Alƙaluman da zan yi aiki da su a ƙasa na misali ne, na zaɓe su don lissafin ya fito sarai. Kowa sai ya sa nasa a gurbinsu.

Layin da ke ɗaure wata da wata

Gaba ɗaya ilimin ya rataya ne a kan magana ɗaya da kowane akawun sito ya sani tun kafin a ba ta suna: abin da ya kwana a sito a ƙarshen wata shi ne abin da aka tarar a farkonsa, a haɗa da abin da aka sarrafa, a cire abin da ya fita. A rubuce:

```
A_t = A_(t-1) + S_t + K_t - B_t
A_t >= 0
```

A nan A ajiyar ƙarshen wata ce, S abin da aka sarrafa a lokacin aiki na yau da kullum, K abin da aka sarrafa a ƙarin lokaci, B buƙatar watan, t kuma lambar watan. Layi na biyu cewa yake sito ba ya sauka ƙasa da sifili, wato ba a sayar da buhun da babu shi.

Abin lura shi ne ajiyar kowane wata tana fitowa sau biyu: tana rufe watanta, tana kuma buɗe na gaba. Saboda haka ba za a iya yanke shawarar Fabrairu ita kaɗai ba. Buhun da aka haɗa a Fabrairu yana bi ta Maris da Afrilu yana biyan kuɗin kwana a kowanne, har ya kai watan da za a ɗauke shi. Wanda ya tsara kowane wata shi kaɗai zai ga kamar ya yi dabara a Janairu da Fabrairu, don bai kashe komai a ajiya ba, sai Mayu ta zo ta nuna masa inda ya yi kuskure.

Masana'antar misali

Mu ɗauki watanni shida. Buƙata a Janairu tan 200 ce, ta masu noman rani. Fabrairu 300, Maris 500, Afrilu 900, Mayu 1,300, Yuni 1,400. Jimla tan 4,600. An shiga shekara da tan 100 a sito, ana kuma son a rufe Yuni da tan 100 don kada a wayi gari a Yuli hannu rabbana. Tunda abin da aka tarar daidai yake da abin da za a bari, abin da za a sarrafa a watanni shidan tan 4,600 ne cif.

Injin yana fitar da tan 800 a wata a aikin yini, a kan naira 20,000 kowane tan na kuɗin haɗawa, wato lada da wuta da buhu da zare. Idan aka ƙara aikin dare ana samun wasu tan 200, amma a kan naira 32,000, saboda ƙarin lada da dizal na janareta. Kenan kowane tan na aikin dare ya ɗara na yini da naira 12,000. Sito yana ɗaukar tan 1,000. Kowane tan da ya kwana a ciki a ƙarshen wata yana cin naira 5,000. Zan dawo kan wannan 5,000 ɗin, domin a nan ne mutane suka fi yaudarar kansu.

Dabara ta farko da ke zuwa a rai ita ce a bi kasuwa: abin da aka nema a wata, shi za a haɗa a watan. Tan 100 da aka tarar ya tafi tun Janairu, 100 kawai aka haɗa a kai, har Afrilu kuma lafiya lau. A Mayu ana neman 1,300, injin da dare da rana 1,000 yake iyawa, an rasa 300. A Yuni an sake rasa 400. Tan 700 kenan, buhu 14,000, sama da tirela 23 da suka juya babu kaya, ga shi babu abin da aka bar wa Yuli. Wannan tsarin bai ma kai a tambayi kuɗinsa ba.

Dabara ta biyu ita ce ta dattijon da ya tsani aikin dare, kuma yana da hujja, don ya ga yadda dizal ke cinye riba. Ya ce a cika injin da rana tun farkon shekara: tan 600 a Janairu, sannan 800 kowane wata har Yuni. Lissafin ya cika 4,600 ba tare da an kunna janareta da dare ba ko sau ɗaya. Amma a duba sito. Ƙarshen Janairu tan 500, Fabrairu 1,000, Maris 1,300, Afrilu 1,200, Mayu 700, Yuni 100. Idan aka tara, kwanan kaya ya kai tan 4,800, kuɗinsa naira miliyan 24. A haɗa da miliyan 92 na haɗawa, an tashi a miliyan 116. Kuma a Maris da Afrilu kayan sun fi ƙarfin siton, sai an kama haya a wani wuri ko an jibge su a fili an rufe da tamfol daidai lokacin da hadari ya fara haɗuwa.

Yadda ake samo mafi arha

Hanya mafi sauƙi ita ce a fara gano inda giɓi yake da inda rara take. A aikin yini, Janairu tana da rarar tan 700, tunda 100 kawai take buƙata a kan 100 da aka tarar. Fabrairu tana da 500, Maris 300. Giɓi kuwa yana Afrilu da tan 100, Mayu 500, Yuni 700 idan aka haɗa da abin da za a bari. Jimlar giɓi tan 1,300, kuma dole a cike shi daga rarar watannin farko ko daga aikin dare.

Yanzu sai a tambayi kowace hanya: idan tan ɗaya ya fito daga gare ki, ya zauna har Yuni, nawa ya ƙaru a kan naira 20,000 na asali? Aikin daren Yuni naira 12,000 ne, babu ajiya. Rarar Maris za ta kwana wata uku, 15,000. Aikin daren Mayu 12,000 da kwanan wata ɗaya, 17,000. Rarar Fabrairu wata huɗu, 20,000. Aikin daren Afrilu 22,000. Rarar Janairu wata biyar, 25,000. Aikin daren Maris 27,000. Auna su duka da Yuni ba ya nufin duk kayan sai Yuni za su fita. Ma'auni ɗaya ne kawai ake ɗora su a kai don a jera su, kuma jerin ba ya canjawa ko da wane wata aka auna, muddin kuɗin ajiya ɗaya ne a kowane wata.

Sai a riƙa ɗiba daga mai arha har giɓin ya cika: 200 daga daren Yuni, 300 daga Maris, 200 daga daren Mayu, 500 daga Fabrairu. An kai 1,200. Saura 100, sai a ɗauko daga daren Afrilu. Abu ɗaya ya rage a tabbatar, cewa babu watan da kayansa za su iso bayan an neme su, kuma layin ajiya ne ke nuna wannan:

| Wata | Buƙata | Aikin yini | Aikin dare | Ajiyar ƙarshen wata |
|---|---|---|---|---|
| Janairu | 200 | 100 | 0 | 0 |
| Fabrairu | 300 | 800 | 0 | 500 |
| Maris | 500 | 800 | 0 | 800 |
| Afrilu | 900 | 800 | 100 | 800 |
| Mayu | 1,300 | 800 | 200 | 500 |
| Yuni | 1,400 | 800 | 200 | 100 |

Babu watan da ya faɗa ƙasa da sifili, babu wanda ya haura 1,000. Kwanan kaya ya tashi tan 2,700, kuɗinsa miliyan 13.5. Aikin dare tan 500, ƙarinsa miliyan 6. Da miliyan 92 na asali, jimla naira miliyan 111.5, ƙasa da tsarin dattijo da miliyan 4.5.

Wurin da ya fi ɗaure wa mutane kai a wannan tebur shi ne Janairu. Ga injin zaune, ga leburori, ga aikin yini mai arha har tan 700 ba a taɓa ba, amma tsarin ya ce a bar shi, a je a kunna janareta da dare a Afrilu. Na taɓa zama da wani mai masana'anta muna kallon irin wannan tebur, ya ɗora yatsa a kan layin watan farko ya ce, "Malam, yanzu injina na barci, ka ce in biya kuɗin dare daga baya?" Na ce, "Ranka ya daɗe, buhun Janairu sai ya biya haya sau uku kafin ya ga Afrilu." Haya uku naira 15,000 ce, aikin dare 12,000. Ya ɗauki biro ya sake bugawa da kansa, sannan ya yarda. Ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan gajeriya ce: a raba ƙarin kuɗin dare da kuɗin ajiyar wata, 12,000 a raba da 5,000, ya ba da biyu da ɗan wani abu. Ajiyar wata biyu ta fi aikin dare arha, ta wata uku ta fi shi tsada.

Naira 5,000 ɗin nan daga ina?

Kuɗin haɗawa yana da rasit, kuɗin aikin dare yana cikin takardar albashi. Kuɗin ajiya kuwa a warwatse yake, babu takarda ɗaya da ke ɗauke da shi, shi ya sa wasu ke sa masa sifili idan siton nasu ne. Amma ko ba a biyan haya, akwai gadi, akwai katakon da ake jera buhuna a kai don kada su taɓa siminti, akwai ladan masu sake jeri, akwai buhun da ɓera ko ƙugiya ta huda. Akwai kuma halin takin kansa. Yuriya tana jan laima daga iska. A busasshen hunturu ba a ganin komai, amma da iskar bazara ta fara ɗauko danshi, wanda ya shiga sito ya sa hannu a buhunan da ke ƙasan jeri zai ji sun yi tauri kamar dutse, nauyin na sama ya danne su sun dunƙule. Dila ba zai karɓi irin wannan a farashin mai kyau ba, sai an farfasa an sake ɗurawa.

Babban abin da ke juya lissafin shi ne kuɗin da ke kwance a cikin kayan. A misalinmu na ɗauka cewa ɗanyen kaya sun riga sun iso, an biya su tun kafin shekara ta kama, kamar yadda yakan faru da fosfet da fotash da ke zuwa a jirgin ruwa da yawa lokaci guda. Idan haka ne, haɗa su da wuri bai ƙara wa mai masana'anta bashi ba, don ko a gauraye ko a ware kuɗinsa na kwance. Abin da ya kamata a sa a lissafi shi ne abin da shawarar haɗawa da wuri ta ƙara kawai.

Amma a ce ɗanyen kayan ana sayen su ne wata-wata da bashin banki, gwargwadon abin da za a haɗa. A ce kayan tan ɗaya sun kai naira 600,000, ruwan bashin kuma kashi 2 cikin ɗari a wata. Wannan ba ƙari aka yi ba, idan aka tuna cewa a ƙarshen 2024 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Nijeriya ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a shekara. Kowane tan ya ƙara naira 12,000 a wata, kuɗin ajiya ya tashi daga 5,000 zuwa 17,000. Yanzu kwanan wata ɗaya ma ya fi aikin dare tsada, tsarin kuma sai ya juye: a jinkirta komai iyakar yadda za a iya. Janairu 100, Fabrairu 500, sannan daga Maris har Yuni a cika injin dare da rana, 1,000 kowane wata. Ajiya ta koma 0, 200, 700, 800, 500, 100, kwanan kaya tan 2,300, aikin dare tan 800. A sabon farashin ajiya, kuɗin ajiya da na dare a wannan tsari miliyan 48.7 ne, na teburin sama kuwa miliyan 51.9. Injin ɗaya, kasuwa ɗaya, amma lamba ɗaya da aka canja ta sauya abin da za a yi a Fabrairu da Maris da Afrilu. A ganina duk wanda zai yi wannan lissafi, rabin lokacinsa ya kamata ya tafi a kan tantance wannan lambar.

Hauhawar farashi kuma tana jan igiyar ta ɗaya ɓangaren. Idan ana da dalili mai ƙarfi na cewa yuriya ko buhu ko dizal za su yi tsada a Afrilu fiye da Fabrairu, sai a ba kowane wata nasa kuɗin sarrafawa maimakon lamba ɗaya. Sarrafawa da wuri tana biya ne idan tashin farashin ya zarce kuɗin ajiyar watannin da ke tsakani, ba don kawai farashi na tashi ba.

Lissafi daga baya zuwa gaba

Akwai wani gwaji da nake so a riƙa yi kafin ma a taɓa maganar kuɗi. A fara daga Yuni a dawo baya, ana tambayar mafi ƙarancin abin da dole ya kwana a sito. Yuni tana buƙatar 1,400 da 100 na bari, injin 1,000 yake iyawa, dole Mayu ta rufe da 500. Mayu tana buƙatar 1,300 da wannan 500, dole Afrilu ta rufe da 800. Ta haka Maris 700, Fabrairu 200. Waɗannan lambobin ba ruwansu da farashi, ƙarfin inji da buƙata ne suka haife su. Ma'anarsu ita ce mai siton da bai ɗauki tan 800 ba ba zai iya biyan wannan kasuwa ba, duk dabarar da ya yi. Ko ya nemi ƙarin wuri kafin Afrilu, ko ya shawo kan diloli su kwashi nasu da wuri, ko ya san tun yanzu cewa zai mayar da wasu tireloli.

Idan aka kai shi kwamfuta

Da kaya iri ɗaya da wata shida, biro ya isa. Da an ce samfurin taki uku ne ke rabon inji ɗaya da sito ɗaya, ga iyakar yuriyar da ke isowa a wata, sai a koma ga hanyar lissafin da Leonid Kantorovich ya fara a Leningrad a 1939 a kan matsalar wata masana'antar katako, George Dantzig kuma ya samar mata hanyar warwarewa a Amurka a 1947. Abin da ake nema a rage shi ne:

```
min  sum( 20000*S_t + 32000*K_t + 5000*A_t )
S_t <= 800,  K_t <= 200,  A_t <= 1000,  A_6 >= 100
```

tare da layin ajiya na kowane wata. A Excel, kayan aikin da ake kira Solver yana yin wannan. A jera watanni a layuka, a bar gurabun aikin yini da na dare su zama waɗanda zai canja, a rubuta ajiya a matsayin lissafi mai ɗauko ta watan baya, a tara kuɗi da SUMPRODUCT, a zaɓi Simplex LP. Kuskuren da na fi gani shi ne mantawa da sharaɗin cewa gurabun ajiya kada su sauka ƙasa da sifili. Akwatin Make Unconstrained Variables Non-Negative gurabun da ake canjawa kawai yake karewa, ban da na ajiya tunda su lissafi ne. Alamar wannan kuskure a fili take: amsa ta zo da arha fiye da ta gaskiya, an ce kada a sarrafa komai a watan farko, ajiya kuma ta fito da alamar ragi. Idan kuma allon ya nuna "Solver could not find a feasible solution", sharuɗɗan ne suka ci karo, kamar a ce an sa sito tan 700 alhali lissafin baya ya nuna dole sai 800.

Abin da ya fi teburin kansa amfani shi ne sanin nawa ƙarin tan ɗaya zai ci a kowane wata, wanda Sensitivity Report ke nunawa a ƙarƙashin Shadow Price idan an sa gurabun ajiya cikin waɗanda ake canjawa, aka rubuta layin ajiya na kowane wata a matsayin sharaɗi da buƙata a gefen dama. A misalinmu ana iya gano shi da ka. Ƙarin tan ɗaya a Janairu naira 20,000 ne, don injin na da sarari. Ƙarin tan ɗaya a Yuni kuwa sai an haɗa shi a daren Afrilu a kan 32,000, ya kwana wata biyu, ya kama 42,000. Daga nan shawarwari biyu suke fitowa. Idan wata masana'anta maƙwabciya za ta haɗa maka taki a Yuni a kan ƙasa da 42,000 kowane tan, akwai riba a ba ta tan 100 na farko. Bayan su abin da za ta maye gurbinsa rarar Fabrairu ce, iyakar kuma ta sauko 40,000. Idan kuma dila ya yarda ya kwashi kayan Yuni tun Afrilu, ya sauke maka naira 10,000 a kowane tan, wato naira 500 a buhu, kuma rangwamen da za ka yi masa kada ya wuce haka.

Inda takarda ke rabuwa da sito

Lissafin ba ya ganin komai bayan watan ƙarshe. Da ba mu sa sharaɗin tan 100 a ƙarshen Yuni ba, da ya share siton tas, don a wurinsa duniya ta ƙare ranar 30 ga wata. Haka kuma ba ya jin tsoro: ya bar Janairu ta rufe da sifili ba tare da ya damu ba. Idan manaja ya ce lallai kada sito ya gaza tan 50 a kowane lokaci, sai a haɗa 150 a Janairu a rage 50 daga daren Afrilu, abin da zai ƙaru naira 3,000 ne a tan, 150,000 gaba ɗaya. Kwanciyar hankali ce mai arha, ni zan saya.

Akwai kuma kuɗin tayar da inji, na wanke shi da gyara ma'auni da kiran ma'aikata, wanda ba ya bin yawan kaya. Wannan ba ya shiga lissafin da ke sama sai an ƙara gurbi mai amsar e ko a'a ga kowane wata. Harvey Wagner da Thomson Whitin sun warware irin wannan a 1958, suka nuna cewa idan inji ba shi da iyaka, ba a tayar da shi sai sito ya ƙare. Wannan sakamakon bai hau kan masana'antarmu ba, don iyakar injin ita ce tushen matsalarta, kuma mun ga tana aiki a Maris da tan 500 a ajiye.

Rauni mafi girma shi ne buƙatar kanta hasashe ce, kuma tsarin mafi arha ya matse ƙwarai a ƙarshe. Mayu da Yuni injin a cike yake dare da rana. Idan damina ta sauka da wuri, tan 200 na Yuni suka dawo Mayu, ba komai, siton zai rufe Mayu da 300 maimakon 500. Amma idan buƙatar Yuni ce ta ƙaru da tan 200, lokacin da aka sani shi ne komai. Wanda ya sani a farkon Maris zai iya ƙara aikin dare a Maris da Afrilu ya rufe Afrilu da tan 1,000, daidai bakin siton. Wanda bai sani ba sai farkon Afrilu, tan 100 kawai ya rage masa. Wanda labarin ya riske shi a Mayu ba shi da ko buhu ɗaya na ƙari.

Shi ya sa ba a buga teburin a Janairu a manna a bango har Yuni. Layin watan da ake ciki kawai ake aiwatarwa. A ƙarshen wata a shiga sito a ƙirga da ido, jeri-jeri, a ware wanda ya dunƙule da wanda ya fashe, domin kashi ɗaya cikin ɗari na tan 800 buhu 160 ne, kuma katin akawu ba ya nuna su sai an ƙirga. Wannan adadin da aka ƙirga, ba na littafi ba, shi ake sawa a matsayin ajiyar farko. Sai a kira diloli a ji abin da ya canja a odarsu, a cire watan da ya wuce, a ƙara Yuli a ƙasan teburin, a sake bugawa.